Yadda kalmar "laifi" ta cinye mini maki a tes ɗin ilimin ɗabi'a

A semistar da ta wuce na shiga tes ɗin ilimin ɗabi'a ina ta cika baki, don na haddace rabe-raben nan uku da malam ya rubuta mana a allo. Diskiriftif shi ne bayanin abin da mutane suke yi ko suka yarda da shi. Nomatif shi ne hukunci kan abin da ya kamata a yi. Meta'etiks kuwa bincike ne kan kalmomin ɗabi'ar su kansu: mene ne ma'anar "daidai", kuma shin irin wannan magana tana iya zama gaskiya ko ƙarya? Tambayoyin na canki-canka ne, sai na ce ai an gama. Da takarda ta dawo na ga inda aka kama ni. Ga tambayar, na mayar da ita Hausa:

Wace jimla ce ta nomatif?
A. Yawancin 'yan kasuwar garin suna ganin ɓoye hatsi har ya yi tsada laifi ne.
B. Wanda ya ɓoye hatsi lokacin yunwa don ya yi tsada ya zalunci jama'a.
C. Cewa "ɓoye hatsi laifi ne" ba komai ba ne illa nuna ƙyamar mai maganar.
D. Dokar ƙasar ta hana ɓoye hatsi.

Na zaɓi A. Dalilina kawai shi ne na hango kalmar "laifi", alhali an ce mana nomatif yana tafiya da kalmomi irin su laifi, daidai da ya kamata. Amsar B ce, kuma ita ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin kalmomin nan. Mai saita tambaya ya san muna farautar kalma, shi ya sa ya ɗana tarkon a nan.

Abin da na koma yi tun daga ranar shi ne in ƙaddara mutum biyu suna gardama a kan jimlar, in tambayi kaina me zai raba su. A kan A, sai mu shiga kasuwa da biro da takarda mu tambayi 'yan kasuwar ɗaya bayan ɗaya, mu ƙirga. Ƙidayar ta kashe magana. Har wanda shi kansa yake ɓoye hatsi, yake ganin sana'a ce kawai, zai iya amincewa da A ba tare da ya canja ra'ayinsa ba, domin jimlar ba ta ce laifi ne ba, cewa ta yi wasu suna ganin haka. Hukuncin yana cikin bakin 'yan kasuwa, mai jimlar rahoto ya kawo. D ma haka take: a buɗe kundin doka a duba. Doka tana ba da umarni, amma faɗin cewa akwai dokar labari ne. Duka biyun diskiriftif ne.

B fa? Ko ka tambayi kowa a garin, gardamar ba ta mutu ba, don wani zai ce duk sun yi kuskure. Dole a kawo hujja ta ɗabi'a: cutar da aka yi wa mutane, haƙƙin maƙwabci, haƙƙin mai kaya a kan kayansa. Mai jimlar da kansa ya yanke hukunci da ya ce "ya zalunci".

C ce ta fi ruɗa mutane a ajinmu, ita ma tana da "laifi" a ciki. Dabarar da ke yi mini aiki ita ce in cire hatsin in sa wani abu. Sa sata, sa cin hanci, sa satar amsa a jarrabawa: jimlar tana nan yadda take, don tun farko ba ruwanta da hatsi, magana take yi kan abin da kalmar "laifi" ke yi a bakin mutum. Mutum biyu da duk suka tsani ɓoye hatsi suna iya kwana suna musu a kan C. Wannan ra'ayin kuwa ba malam ne ya ƙirƙiro shi ba, A. J. Ayer ne ya yi fice da shi a littafinsa na 1936, inda ya ce hukuncin ɗabi'a bayyana motsin rai ne, ba labari ne da za a ce gaskiya ko ƙarya ba. Ba sai ka yarda da shi ba kafin ka gane cewa maganarsa meta'etiks ce. Ni ma ban yarda ba.

Inda tambayoyin suka fi zafi shi ne batun bambancin al'adu. Herodotus, marubucin tarihin nan na Girka, ya ba da labarin Sarki Dariyus na Farisa, wanda ya kira Girkawa, masu ƙona gawar iyayensu, ya tambaye su nawa za a ba su su ci gawar. Suka ce ko nawa ne ba za su yi ba. Ya kira wata ƙabila ta Indiya da aka ce tana cin gawar iyayenta, ya tambaye su nawa za a ba su su ƙona ta. Suka yi kururuwa, suka ce ya daina wannan mummunar magana. Daga labari ɗayan nan ana iya fitar da jimla uku masu kama da juna. "Al'ummomi sun saɓa kan yadda ake girmama mamaci" diskiriftif ce. "Babu wata gaskiyar ɗabi'a da ta wuce abin da kowace al'umma ta yarda da shi" meta'etiks ce. "Kada wata al'umma ta tsoma baki a al'adar wata" nomatif ce. A ɗakin jarrabawa, ga agogo yana gudu, ukun sai su yi maka kama da magana ɗaya. Amma ta farkon ba ta haifar da ta biyu ko ta uku da kanta. Mutane sun taɓa saɓawa kan siffar duniya, hakan bai sa ta rasa siffa ba. David Hume ma, a 1740, ya yi ƙorafin cewa marubuta sukan fara da "abu kaza haka yake", sai kwatsam su koma "ya kamata", ba tare da sun nuna ta inda suka bi ba.

Sai dai dabarar tana da iyaka, kada wani ya tare ni a hostel ya ce na yaudare shi. Jimlar "John Stuart Mill ya ce aikin kirki shi ne wanda ya fi yawaita jin daɗin mutane" rahoto ce a zahiri, a duba littafinsa a gani. To amma idan abin da aka tambaya shi ne reshen da ra'ayin Mill ya faɗa, amsar nomatif ce, domin ra'ayin yana ba da ma'aunin aikin da ya kamata a yi. Don haka karanta kan tambayar sau biyu: jimlar ake so ka rarraba, ko ra'ayin da ke cikinta?

Kuma wasu littattafan suna ware reshe na huɗu, wato ɗabi'a a aikace, mai duba matsala guda kamar sirrin majiyyaci ko injiniyan da ya sa hannu a ginin da ya san an rage masa siminti. Idan reshen yana cikin zaɓin, kuma tambayar ta tsaya kan matsala ɗaya tak, can za ka kai ta. Idan babu shi, ta koma nomatif. Duba handawut ɗin malaminku tun kafin ranar, ka ga uku ya lissafa ko huɗu.