Gargaɗi ga Masu Ɗora Bidiyo a Ƙasar Yauri: Kiɗan da Ake Cewa na Kyauta Ne Yana Iya Rufe Muku Tasha

Wannan gargaɗi ne ga duk mai ɗaukar bidiyo yana ɗorawa a YouTube, Facebook ko TikTok daga Yelwa, Ngaski, Wara, Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Kada ku ƙara saka wani kiɗa ko sauti a bidiyonku sai kun san mai shi, kun kuma ga izininsa a rubuce. Idan sanarwar haƙƙin mallaka ta riga ta faɗo kan bidiyonku, kada ku yi gaggawar danna wurin ƙalubalanta. A YouTube, gargaɗin keta haƙƙi uku a cikin kwana 90 sun isa a rufe tasha, a kwashe bidiyoyin da ke cikinta, a kuma hana mai ita buɗe wata.

Bari mu bi abin yadda yake faruwa. A ce wani matashi a Yelwa ya ɗauki tseren kwale-kwale a bikin Rigata, ya haɗa bidiyon minti takwas. Ya saka kiɗan da ya sauko da shi daga wata tasha mai rubutun "No Copyright Music", ya ƙara ƙarar ruwa da ya samo a intanet, sannan a wajen minti na biyar akwai daƙiƙa arba'in da lasifikar filin biki ke kaɗa waƙar wani mawaƙin Kannywood. Shi a ganinsa bai ɗauki kayan kowa ba, tunda da wayarsa ya ɗauki komai. Amma YouTube na da wani tsari mai suna Content ID, wanda ya fara aiki a 2007. Kamfanonin waƙa da dillalan da ke rarraba waƙoƙi suna ba shi kwafin waƙoƙinsu, shi kuma yana gwada sautin kowane sabon bidiyo da abin da aka ba shi. Na'ura ce, ba ta san bambancin waƙar da aka saka da gangan da wadda iska ta kwaso daga lasifika ba. Ita dai ta ji sun yi daidai.

Abin da zai biyo baya shi ne da'awa. Matashin zai buɗe YouTube Studio, ya shiga Content, ya ga kalmar Copyright a gefen bidiyon. Idan ya danna don ganin bayani, za a nuna masa sunan waƙar, sunan mai da'awar, daga wace daƙiƙa zuwa wace daƙiƙa aka ji ta, da matakin da mai waƙar ya zaɓa. Matakan uku ne. Ko dai ya toshe bidiyon a duniya baki ɗaya ko a wasu ƙasashe, ko ya bar shi ya riƙa karɓar kuɗin tallan da ke kansa, ko ya bar shi yana lura da yawan masu kallo kawai. Na biyun ya fi yawa, kuma shi ya fi ciwo ga wanda ya sha wahalar tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara biyansa. Shi ya shiga jirgi, shi ya sha rana, shi ya ƙone data, amma saboda daƙiƙa arba'in kuɗin bidiyon minti takwas na iya tafiya aljihun wani. Masu gajerun bidiyo na Shorts kuma su sani, tun Oktoban 2024 duk wanda ya wuce minti ɗaya kuma da'awa ta hau kansa, toshe shi ake yi gaba ɗaya.

Duk da haka, da'awa ba hukunci ba ce a kan tasha. Abin da ke kashe tasha shi ne wanda ake rubutawa Copyright strike, wato gargaɗin keta haƙƙi. Shi ba na'ura ke bayar da shi ba. Mai haƙƙin ne da kansa yake shigar da buƙata bisa doka cewa a sauke bidiyon, YouTube ta sauke shi, ta kuma ɗora wa tashar gargaɗi. Yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, kuma sai mai tashar ya kammala ɗan darasin da ake kira Copyright School. Goge bidiyon bayan gargaɗi ya hau ba ya cire shi. Sai dai wani lokaci mai haƙƙin yakan ba da wa'adin kwana 7 kafin a sauke. Idan kuka ga irin wannan sanarwa, kuma kun san ba ku da izini, ku cire bidiyon da kanku kafin wa'adin ya cika, gargaɗin ba zai hau ba.

Hanyar da mutane suka fi bi su mayar da ƙaramar da'awa ta zama gargaɗi ita ce ƙalubalantar da ba ta da tushe, shi ya sa na fi damuwa da ita. Idan matashin nan ya danna Dispute, ƙorafinsa ba wajen wani alƙali a YouTube zai je ba. Wajen mai da'awar zai je, kuma yana da kwana 30 ya amsa. Zai iya janyewa, zai iya yin shiru har da'awar ta faɗi da kanta, zai iya jaddada ta, zai kuma iya neman a sauke bidiyon nan take. Idan ya jaddada, matashin ya ɗaukaka ƙara, mai waƙar na da kwana 7, kuma a wannan mataki in bai janye ba, abin da ya rage masa shi ne buƙatar saukewa. Ka ga mutum ya kai kansa ga gargaɗi da hannunsa. Cewa na rubuta sunan mawaƙin a ƙasan bidiyo ba hujja ba ce. Haka na sayi waƙar a wajen mai tura waƙoƙi a kasuwa, ko ba na samun ko sisi da bidiyon, ko daƙiƙa goma kawai na saka. Babu wani adadin daƙiƙoƙi da doka ta halatta a ɗauka kyauta, zancen nan jita-jita ce kawai.

To me matashin ya kamata ya yi da waƙar lasifikar? A wurin da aka nuna masa da'awar akwai zaɓin gyara ba tare da sake ɗora bidiyon ba. Zai iya yanke daƙiƙa arba'in ɗin da Trim out segment, ko ya maye gurbin sautin da Replace song, ko ya kashe sautin wurin. Idan gyaran ya ɗauke waƙar duka, da'awar kan tashi, masu kallonsa da sharhinsu kuma suna nan. Ni shawarata ya yanke, in dai ba a daidai wurin ne jirgin da ya yi nasara ya iso ba. A gaba kuma, mai ɗaukar biki ko taro ya matsa nesa da lasifika, ya nemi sautin filafili da ihun 'yan kallo, wanda dama shi mai kallo ke son ji.

Batun kiɗan da aka ce na kyauta ne ya fi wuyar sha'ani. Rubutun "No Copyright" a kan tasha ba lasisi ba ne. Mai tashar yana iya zama ba shi ya yi kiɗan ba. Ko da shi ya yi, yana iya miƙa shi ga dillalin rarraba waƙoƙi bayan shekara guda, dillalin ya shigar da shi Content ID, sai da'awa ta faɗo kan tsofaffin bidiyoyinku a rana ɗaya. Wanda ya ajiye shaidar izini shi kaɗai ke da abin faɗa a ranar. Don haka duk kiɗan da kuka sauke, ku ɗauki hoton shafin da ke nuna sunan kiɗan, sunan mai shi da irin lasisin, ku ajiye da kwanan wata. Pixabay, alal misali, yana ba da takardar lasisi da ake saukewa ga kiɗan da aka yi wa rajista a Content ID. Da irin wannan takarda ne ƙalubalanta ke da amfani, kuma a yi ta cikin kwana 5 na farko, domin a lokacin ne ake riƙe kuɗin tallan tun daga ranar da'awar har a warware. Wanda ya makara, daga ranar ƙorafinsa kawai za a fara riƙewa.

Wurin da ya fi aminci ga bidiyon YouTube shi ne Audio Library da ke cikin YouTube Studio. Akwai kiɗa, akwai sautuka. Sai dai a duba, wasu an rubuta musu Attribution required, ma'ana dole a kwafi bayanin mai kiɗan a liƙa a ƙasan bidiyo kamar yadda aka ba da shi. Ku kuma lura cewa izinin wani dandali ba ya bin ku zuwa wani. Sound Collection na Facebook don Facebook da Instagram aka yi shi. Waƙar da kuka ɗora ta cikin TikTok ko CapCut tana iya jawo da'awa idan kuka kwashi bidiyon kuka kai YouTube. Mai shago a Yelwa ko mai sayar da busasshen kifi da ke talla a TikTok kuma, waƙoƙin Commercial Music Library kaɗai aka yarje masa.

Ƙarar ruwan da matashin ya samo ma tana da mai ita. A Freesound kowane sauti da lasisinsa: CC0 a yi amfani da shi yadda aka ga dama, CC BY sai an ambaci mai shi, CC BY-NC kuma bai halatta a bidiyon da ake neman kuɗi da shi ba. Taskar sautukan BBC ana sauke ta kyauta, amma don amfanin kai, koyarwa ko bincike kawai. Gaskiya mutumin da ke zaune a bakin Neja ba shi da dalilin aro ƙarar ruwa daga Turai. Ya je bakin kogi da sassafe ya ɗauki motsin ruwa, injin jirgi da hayaniyar masu cinikin kifi, wannan nasa ne halak malak.

Kada kuma a ce tsofaffin waƙoƙinmu na kowa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na da sauran kariya har ƙarshen 2069. Idan makaɗin garinku kuka ɗauka yana nasa kiɗan, ku nemi izininsa a gaban kyamara, ya faɗi sunansa da abin da ya yarda a yi da kiɗan, ku kuma tambaye shi ko ya taɓa ba wani kamfani.

Kafin ku saki kowane bidiyo, ku ɗora shi a Private, ku jira matakin Checks ya gama bincikensa, ku gyara abin da ya nuna. Wannan ba ya hana da'awa zuwa daga baya, amma yana kama yawancinta tun kafin jama'a su gani. Idan kuma saƙo ya zo muku ta WhatsApp ko imel yana cewa an yi muku gargaɗi, ku danna wani adireshi ko ku tura kuɗi a janye, kada ku danna, kada ku tura. Ku buɗe YouTube Studio da kanku ku duba. Gargaɗin da bai bayyana a can ba na 'yan damfara ne masu neman kalmar sirrin tasharku.