Leburorin da Ba Su da Ƙofar Masana'anta

Na taso a Zawaciki ina ganin leburorin Sharada da Challawa suna dawowa gida da almuru. Albashinsu bai taka kara ya karya ba, amma suna da ƙungiya, sun kuma san ofishin da za su kai kuka.

Yau 'ya'yansu a kwamfuta suke leburanci. Suna zagaye mota ko mutum a cikin hoto, domin na'ura ta koyi bambance su. Iya aikinka iya kuɗinka, wanda mai dubawa ya ƙi kuwa ya tafi a banza.

A watan Maris na 2024, dandalin Remotasks ya rufe wa 'yan Najeriya ƙofa kwatsam. Da yake 'yan kwangila ake ɗaukarsu, ko mafi ƙarancin albashi bai shafe su ba. To, wa za su kai wa ƙara?