Bayan Ɓari: Wane Jini Ne Na Al'ada, Wanne Ne Na Tafiya Asibiti?

Yau za mu tsaya ne a kan kwanakin da ke biyo bayan ɓari, musamman ɓarin da ya auku a watanni uku na farkon ciki. Mun sa 'yan uwanmu na Karaye da Rogo a gaba, saboda a ƙauyukan yankin ana yawan yin ɓari a gida, kuma miji ko uwar miji ko ƙanwa ne ke yanke shawarar a nemi mota ko a bari gari ya waye. Don haka samari ma ku tsaya ku karanta.

Ga ƙa'idar da za ku riƙe: bayan ɓari, jini da ciwo kullum raguwa ya kamata su riƙa yi. Yau ta fi jiya sauƙi, gobe ta fi yau. Duk ranar da lissafin ya juya, to akwai abin dubawa.

Bari mu fara da abin da ake sa rai. Lokacin da cikin ke fita, mahaifa tana murɗawa don ta turo abin da ke cikinta. Mara za ta yi ciwo fiye da na al'ada, jini ya zo da yawa har da gudaji. Wannan tsananin yawanci na 'yan awanni ne. Da abin ya gama fita, ciwon yakan lafa sosai, jinin ya koma kamar na al'ada. Daga nan ya riƙa raguwa, launinsa ya tashi daga ja zuwa ƙasa-ƙasa, ya zama ɗigo-ɗigo. Yawanci yana ɗaukewa cikin mako 1 zuwa 2, wasu matan kuma ɗigon yakan kusa mako 3. Ciwon mara mai sauƙi na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, farasitamol ko ibufurofen na rage shi. Asfirin kam a bar shi, don yana iya ƙara zubar jini.

To yaya za a gane jini ya yi yawa? Kar a ce "ai da ɗan dama", a ƙirga. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa shi ne: idan mace tana jiƙa audugar mata babba guda 2 sharkaf a cikin awa ɗaya, kuma hakan ya ci gaba awa 2 a jere, jinin ya wuce misali. Wadda ke ƙunzugu da tsumma ta lura da sau nawa take canzawa, da kuma ko jinin na ratsa zani ya ɓata shimfiɗa. Sannan a dubi ita kanta. Jiri idan ta miƙe, bugun zuciya da sauri, gumi mai sanyi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, duk alamu ne cewa jinin jikinta ya yi ƙasa. Matan da dama tun suna da cikin jininsu bai cika ba, shi ya sa zubar da wata za ta jure, wata za ta kayar da ita.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata matashiya a wani ƙauyen Rogo ta yi ɓarin cikin mako 10 daren Litinin. Ta zubar da gudaji, da asuba ciwo ya lafa. Talata da Laraba auduga 3 ke isarta a yini. Har nan komai daidai yake. Ranar Juma'a sai jan jini ya dawo da gudaji, mara ta koma murɗawa. Asabar jiki ya yi zafi, tana rawar sanyi, abin da ke fita ya fara wari. A gida aka ce maleriya ce, aka aika kyamis.

Me ya faru a nan? Mafi yawan lokuta ragowar ciki ce ta maƙale. Muddin akwai saura a ciki, mahaifa ba za ta iya tsukewa ta matse jijiyoyin jini ba, sai jinin ya ɗauke ya dawo. Ita ragowar kuma wurin zaman ƙwayoyin cuta ce, daga nan zazzaɓi da wari suke fitowa. Maganin maleriya ba zai taɓa wannan ba. Idan aka yi ta jira, cutar na iya shiga jini ta yi kisa, ko ta bar tabo a bututun ƙwai wanda zai wahalar da samun ciki nan gaba. Ranar tafiya asibiti ita ce Juma'a, ranar da jini ya juyo. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 bayan ɓari, a ɗauke shi daga mahaifa yake har sai ma'aikacin lafiya ya duba ya ce ba haka ba.

A asibiti za a auna jininta, a duba bakin mahaifa, a yi sikanin idan akwai. In an ga ragowa, ko a ba ta ƙwayar misofurostol ta turo ta, ko a yi wankin ciki da wani sirinji mai zuƙowa, aikin 'yan mintuna ne. In cuta ta riga ta shiga, ana haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwashe ragowar ba da ɓata lokaci ba. Ita misofurostol takan sa rawar sanyi, zazzaɓi ko gudawa a ranar da aka sha. Amma zazzaɓin da ya wuce awa 24 bayan shan ta, ba na maganin ba ne.

Akwai kuma wani nau'in da ke yaudara saboda jininsa kaɗan ne. Ciki na iya zama a bututun ƙwai maimakon mahaifa, mace ta ga ɗigon jini ta ɗauka ɓari ta yi. Idan bututun ya fashe, jinin cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa a zani. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, wani lokaci har da ciwon kan kafaɗa, ga jiri ko suma. Wannan aikin tiyata ne. A wuce kyamis da ƙaramin asibitin unguwa, a nufi babban asibitin Karaye ko na Rogo, wanda ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu su za su tura Kano, irin su asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. A tafi da 'yan uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini.

Wadda komai ke tafiya daidai kuwa, kar ta cusa komai a gaba, ko na gargajiya ko na kanti, kuma a dakata da kwanciyar aure har jini ya ɗauke. Bayan mako 3 ta sayi tsinken gwajin ciki ta gwada fitsari. In har yanzu yana nuna akwai ciki, ko jinin bai tsaya ba, ta je a duba ta ko da ba ta jin ciwo. Al'ada takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma ana iya ɗaukar wani cikin tun kafin ta dawo, don haka mai son hutawa ta yi maganar tazara da ma'aikaciyar lafiya tun da wuri.

Allah Ya ba waɗanda suka yi rashi haƙuri, Ya mayar musu da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.