Kafin Ka Saka Sabuwar Mota a GTA V

Duk wanda ya daɗe yana buga GTA V a kwamfuta, wata rana sai ya gaji da motocin Los Santos, ya so ganin Hilux ko Marsandi ta gaske a titi. A nan ake shiga harkar mod, wato fayilolin da 'yan wasa ke ƙirƙira su cusa cikin wasan. Saka su ba wuya. Kuka yana zuwa ne ranar da aka buɗe wasa aka tarar ajiyar wata uku ta ƙi tashi.

Ajiyarka ba ta zaune cikin foldar wasan. Tana nan:

```
Documents\Rockstar Games\GTA V\Profiles
```

A ciki za ka ga fayiloli masu suna irin `SGTA50000`. Kwafe foldar gaba ɗaya zuwa filasha kafin ka taɓa komai. Aikin minti ɗaya ne.

Sai manhajar OpenIV, wadda da ita ake buɗe rumbunan wasan. Kada ka yarda ka gyara na asali. Buɗe folda mai suna `mods` a cikin foldar wasan, ka kwafi `update.rpf` zuwa `mods\update`, ka yi aikinka a kan kwafin. Motar da ka sauke za ta shiga `mods\update\x64\dlcpacks`, sannan ka ƙara mata layi a `dlclist.xml`. In sunan foldarta `hilux` ne:

```
<Item>dlcpacks:/hilux/</Item>
```

Harafi ɗaya ya kuskure, motar ba za ta fito ba, ko wasan ya mutu tun yana lodi. Shi ya sa ake saka mota ɗaya, a gwada, kafin ta biyu. Mai zuba ashirin a dare ɗaya ba zai san wacce ta jawo masa ba.

Yanzu ga inda ajiya ke lalacewa. Ka saka Hilux ɗin nan a garejin Franklin, wasan ya yi ajiya da kansa, ya rubuta sunanta a fayil. Bayan mako ka goge mod ɗin. Ajiyar za ta nemi motar da babu ita. In ka yi sa'a garejin ya zama fanko, in ba ka yi ba lodi ya tsaya cik. Sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau: mayar da mod ɗin, fitar da motar daga gareji, sake ajiya, sannan ka goge. Ni dai nakan kashe `Autosave` duk lokacin gwaji, in ware wa wasan mod gurbin ajiya nasa daban. Wanda ba ya da magani shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar ajiya, abin da mu nan ba baƙonmu ba ne. Sai dai kwafin filasha ya cece ka.

GTA Online kuwa, kada ka leƙa shi da mod a kwamfutarka. Rockstar na rufe asusu a kan haka.