Sinadarin da Ke Faɗa da Kansa Cewa Aiki Ya Ƙare

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, wadda kwalinta ke cewa akwai miligiram 65 na ƙarfe a ciki, yaya ake tabbatar da hakan? Tsohuwar hanya ita ce awo da farmanganet, KMnO₄, sinadari mai launin shunayya mai duhu.

Ana niƙa ƙwayar, a narkar da ita a asid ɗin salfurik mai ruwa-ruwa, irin na batirin mota. Sai a riƙa ɗigo farmanganet daga buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni, ana kaɗa kwalbar. Ɗigo na faɗawa, launinsa na ɓacewa. Dalili kuwa, kowane farmanganet ɗaya yana ƙwace elektron daga ƙarfe biyar, ya rikiɗe zuwa Mn²⁺ wanda kusan ba shi da launi:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Da zarar Fe²⁺ ya ƙare, ɗigon da ya biyo baya ba shi da abin ci, sai ruwan ya koma ruwan hoda mai haske. In launin ya tsaya kamar daƙiƙa 30, an iso. Shi ya sa ba a buƙatar wani sinadarin nuni daban, abin da nake gani shi ne babban kyawun wannan hanya. Lissafin ma ba wuya: in ƙarfin farmanganet ɗin mol 0.020 ne a lita, kowace mililita tana daidai da kusan miligiram 5.6 na ƙarfe. Ƙwayar da ta sha mililita 11.6 ta cika 65 ɗinta ke nan.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen zaɓen asid. Dubi 8H⁺ ɗin nan: aikin na cin asid sosai. In ya yi kaɗan, farmanganet ba ya kai wa ƙarshen tafiyarsa, sai ya tsaya a MnO₂, wani gurɓataccen laka mai ruwan ƙasa da ke rufe launin da ake jira, ya kuma rushe lissafin ɗaya ga biyar. Ka ga ruwan ƙasa, zubar ka sake.

Asid ɗin haidirokulorik kuwa yaudararsa ta fi muni, domin ido ba ya kama ta. Farmanganet yana afka wa kuloraid ɗin da ke cikinsa ya mayar da shi kulorin, ƙarfen kuma yana ƙara zuga lamarin. Buret zai nuna an sha fiye da ƙima, ƙwayar da ƙarfenta bai cika ba ta fito tamkar cikakkiya. Naitirik akasin haka yake yi: shi kansa yana mayar da Fe²⁺ zuwa Fe³⁺ tun kafin ɗigon farko, sai sakamako ya yi ƙasa. Salfurik mai ruwa-ruwa bai taɓa ko ɗayansu, H⁺ kawai yake bayarwa.

In dole ta sa aka narkar da tama da haidirokulorik, ana ƙara haɗin Zimmermann-Reinhardt: manganis salfet ɗinsa yana hana farmanganet taɓa kuloraid, asid ɗin fosforik kuma yana kashe rawayar Fe³⁺ don ruwan hodar ya fito sarai.