Me Ya Hana Shuka Yin Fure?

A ƙofar makarantu da gidaje da yawa a Nijeriya akan ga wata shuka mai ƙaya wadda take hawa katanga, ana kiranta bogenbiliya. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Da rani takan cika da launin ja ko shunayya ko fari. Amma wani lokaci mutum yakan shekara yana ba ta ruwa, ganyenta ya yi kore shar, fure kuwa ko ɗaya. Abubuwa huɗu ne suka fi jawo haka: haske, taki, yankan rassa da shekarun shukar.

Mu ɗauki misalin wata makaranta. Ɗalibai sun dasa bogenbiliya shekara 3 da suka wuce. Ta yi tsawo, ta yi ganye, amma ba ta taɓa yin fure ba. Ta yaya za su gano dalili?

Da farko sai su duba haske. Bogenbiliya tana bukatar rana ta doke ta kai tsaye na kimanin awa 6 a kullum. Ɗaliban suka zaɓi yini guda, suka riƙa leƙa ta kowace awa tun daga safe har yamma. Suka tarar rana tana samun ta daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 10 kawai, daga nan sai inuwar wata bishiyar darbejiya ta rufe ta. Awa 2 ke nan. Shukar da ba ta samun isasshen haske tana da alama: rassanta sukan yi tsawo, su yi siriri, su karkata zuwa inda rana take. Maganin wannan shi ne a rage rassan darbejiyar.

Na biyu shi ne taki. Mai kula da lambun yana zuba mata kashin kaji da takin yuriya kowane wata, domin yana ganin yunwa ce ta hana ta fure. Gaskiyar ita ce abincin ne ya yi mata yawa. Waɗannan biyun suna ɗauke da sinadarin naitirojin mai yawa, wanda aikinsa shi ne ƙara ganye. Idan ya yi yawa, sai shukar ta sa duk ƙarfinta a kan ganye. Alamarsa ita ce manyan ganyaye masu kore sosai. Saboda haka suka daina zuba yuriya. Suka koma ga takin zamani wanda aka rubuta 15-15-15 a buhunsa, suna zuba kaɗan, nesa da gindin shukar. Suka kuma rage ruwa, ba sa ba ta sai saman ƙasar ya bushe, domin ɗan ƙishirwa yana sa ta fure.

Na uku shi ne yankan rassa. Furen bogenbiliya yana fitowa ne a kan sabon toho. Mai lambun kuwa yana bi da almakashi kowane mako biyu yana daidaita ta, don ta yi kyan gani. Duk lokacin da ya yi haka, yana yanke wurin da fure zai fito. Lokacin da ya dace a yi yanka shi ne bayan furanni sun zube. Daga nan sai a bar sabon toho ya girma, kada a taɓa shi.

Na huɗu shi ne shekaru. Ƙaramar shuka tana fara kafa saiwa kafin ta yi fure, kuma wadda aka tuge aka sake mata wuri takan ɗauki lokaci kafin ta farfaɗo. Mangwaro ma haka yake: wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 5 ko fiye kafin ya yi fure. Amma bogenbiliyar makarantar nan ta shekara 3 a wuri ɗaya, don haka ƙuruciya ba ita ce matsalarta ba.

Ke nan cikin dalilai huɗu, uku ne suka taru a kanta. Gyaran ba ya nuna sakamako nan take. Sai sabon toho ya fito ya yi ƙwari, abin da yakan ɗauki makonni. Ranar da launi ya bayyana, ku matsa kusa ku duba da kyau. Abin nan mai launi da muke kira fure, wani irin ganye ne. Furen na ainihi ƙarami ne, fari, yana tsakiya.

Tambayoyi

1. Awa nawa bogenbiliya take bukatar hasken rana a kullum?
2. Wace alama ce take nuna cewa naitirojin ya yi yawa?
3. Yaushe ya kamata a yanke rassan bogenbiliya? Me ya sa?