Gini a kan dutse: yadda injiniyoyi ke auna nauyin da fa zai iya ɗauka

Daga Bazaga da Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, magina kan dakatar da haƙan tushe da zarar diga ta bugi dutse. Amma dutsen farar ƙasa irin na Malbaza, wanda ake sarrafa siminti da shi, hawa-hawa yake, kuma akan tarar da laka a tsakani. Tsagar dutsen ce ke nuna nauyin da zai ɗauka, ba taurin samansa kaɗai ba.

Don gano haka, ana huda dutsen da injin da ke zaro cikinsa kamar sanda. Daga nan a yi lissafin RQD, ma'aunin da Ba'amurke Don Deere ya fito da shi a shekarun 1960. Ana tara tsawon gutsattsarin lafiyayyen dutse da suka kai santimita 10, a raba da tsawon hudar. Karayar da injin ya jawo ba ta shiga lissafi.

A ce an huda santimita 150, aka samu gutsattsari masu santimita 25, 20, 18, 12, 8 da 6, sauran duk tsakuwa. Huɗun farko kaɗai ake ƙirgawa, wato santimita 75. RQD ya zama kashi 50 cikin 100, iyakar da ke tsakanin dutse maras kyau da matsakaici.

Jadawalin Peck, Hanson da Thornburn na 1974 ya ba irin wannan dutse kimanin tan 650 a kan kowace murabba'in mita. Mai kashi 25 kuwa kimanin tan 300, mai kashi 90 kusan tan 2,000. Sharaɗin shi ne tsagogin su kasance a matse, a nan ne tushen ba zai nutse fiye da kimanin milimita 13 ba.

Sai dai wannan adadi ba shi ne ƙarshe ba. Ana matse wani gutsure a ɗakin gwaji har ya fashe. Idan ya fashe a kwatankwacin tan 400, an bar zancen 650 ke nan. Haka kuma ba a wuce abin da kankaren tushen zai jure. Mafi ƙanƙanta cikin ukun shi ne iyaka.

Zurfin da ake dubawa a ƙarƙashin tushe ya kai faɗinsa. In saman ya fi rugurgujewa, da RQD ɗinsa ake aiki, ko a fasa shi a cire.

Haɗari mafi girma shi ne abin da huda ɗaya ba ta gani: kogon da ruwa ya ci a cikin dutsen, ko siririn fa da ke kwance a kan laka. Alamarsa ita ce sandar injin ta zurma farat ɗaya, ko ruwan hudar ya ɓace. Idan haka ta faru, sai a ƙara huda a ƙarƙashin kowane ginshiƙi kafin a zuba kankare.